Saƙonnin bazde sun taru min, ya zan amsa wa kowa ba tare da ya ji kamar kofi na yi masa ba?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara. Shekaranjiya ne bazde ɗina, saƙonni sun shigo min wlh sun kusa 180 in na haɗa na WhatsApp da na Facebook, wasu a sitatus suka amsa wasu a guruf wasu bois suka yi min, na fara amsawa ɗaya bayan ɗaya ban kai ko'ina ba yara suka taso dare ya yi. Yanzu ga shi kwana biyu kenan mutane suna gani na onlayin ban ce musu komai ba kuma abin yana damuna. Bana son in tura wa kowa "na gode" guda ɗaya don akwai waɗanda suka zauna suka yi min addu'a mai tsawo, amma kuma ba zan iya rubuta wa mutum 180 kowa nasa daga farko ba. Ya kuke yi ne?

Ummi: Laa Maman Hanif ban sani ba! Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, Allah ya raya su Hanif. In kalaman taya murna kike nema ina da su da yawa a ajiye bari in turo miki

Maman Hanif: Amin Ummi na gode, kin zama ta 181 kenan. Ba kalaman taya murna nake nema ba, amsar da zan mayar wa waɗanda suka taya ni nake nufi

Ziza: Anti ai wannan mai sauƙi ne. Ki shiga WhatsApp ki danna ɗigo ukun nan na sama ki zaɓi New broadcast, ki zuba duk sunayensu ki rubuta saƙo ɗaya mai kyau ki tura. Kowa zai shigo masa ta firabet kamar shi kaɗai kika tura wa, ba ya ganin sauran. Yana ɗaukar har mutum 256 kinga kenan duka naki sun shiga a zubi ɗaya

Sadiku mai gyaran waya: Ziza gaskiya ne yana ɗaukar 256 kuma kowa ta firabet zai gani, amma akwai abu biyu da ba ki faɗa ba. Na farko saƙon ba ya isa sai ga wanda ya yi sebin ɗin lambarki a wayarsa. Wanda ya ɗauko lambar Anti daga guruf ya taya ta murna bai ajiye ta ba, ba abin da zai shigo masa, ita kuma tana can tana zaton ta gode masa. Yadda ake ganewa shi ne saƙon zai tsaya da alamar tik guda ɗaya a wajen mutumin ko da yana onlayin. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, mutum zai buɗe ya ga addu'arsa a sama, ƙasanta kuma ga wani saƙo da bai taɓo komai daga abin da ya ce ba. Wanda ya rubuta layi takwas da wanda ya rubuta harafi uku amsarsu ɗaya. Ai shi ne abin da Anti ta ce tana gudu

Habu: Ni dai ku bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangaren wanda ake tura wa. Bara na taya wata 'yar ajinmu murna, na tsaya na rubuta mata addu'a da kaina, sai ga amsa "na gode ƙawata Allah ya bar mu tare ya ba ki miji nagari". Ni da gemuna. Ban yi fushi ba don na san kuskure ne amma wlh tun daga nan na san ko karanta nawa ba ta yi ba, da ma hannu biyun nan na addu'a kawai ta danna min da ya fi min daɗi

Sadiku mai gyaran waya: To wannan na Habu shi ne ainihin inda kofi yake tona asiri a Hausa. Mu maganarmu tana rarrabe mace da namiji da jam'i, ka, ki, ku, maka, miki, muku. Duk saƙon da za a maimaita wa mutane da yawa dole a gina shi babu waɗannan kwata-kwata. Kuma addu'o'inmu da yawa dama haka suke. Kar ki rubuta "Allah ya saka miki", rubuta "Allah ya saka da alheri". Kar ki rubuta "na gode da kika tuna da ni", rubuta "na gode da aka tuna da ni". Allah ya bar zumunci, Allah ya bar ƙauna, na ji daɗi ƙwarai, duk waɗannan ba ruwansu da mace ko namiji, babba ko yaro.

Anti ga yadda zan ce ki yi. Ki ɗauki amsar kamar gida uku ce. Na farko kiran mutum, yadda kika saba kiransa a baki. Na biyu godiyar da addu'ar, wannan shi kaɗai za ki ajiye a waya ki dinga ɗaukowa. Na uku 'yar magana ɗaya da ta shafe shi shi kaɗai. Na farko da na uku da hannunki za ki rubuta, kalma biyar shida ne gaba ɗaya, na tsakiyan ne mai tsawon kuma shi waya za ta rubuta miki

Maman Hanif: Na gane Sadiku. To a ina zan ajiye na tsakiyan? Infinix ce wayata

Sadiku mai gyaran waya: Ki fara duba kibod ɗinki ko Gboard ne, don wasu Infinix da Tecno da wani daban suke zuwa, in ba shi bane ki sauke shi daga Play Store kyauta ne. Hanya biyu ce a cikinsa.

Ta farko kilifbod. In kibod ya fito ki duba layin sama akwai alamar allo mai takarda, Clipboard, ki kunna shi. Sai ki rubuta jimlar godiyarki ki yi kofi, za ta bayyana a ciki, ki danne ta da yatsa ki zaɓi Pin. Wannan Pin ɗin kar ki tsallake shi, duk abin da ba a yi masa ba bayan awa ɗaya yake gogewa da kansa, mutane da yawa suna zuwa min shago su ce kilifbod ɗinsu ya lalace alhali wannan ne kawai. Ki ajiye jimla huɗu ko biyar mabambanta, duk wadda kika taɓa ita za ta faɗa cikin saƙo.

Ta biyu gajeren rubutu da yake buɗewa ya zama dogo. Ki bi nan:

```
Gboard > Settings > Dictionary > Personal dictionary > All languages > +
```

A layin sama ki sa jimlar, a na ƙasa inda aka rubuta Shortcut ki sa gajeren, misali

```
ngd1   Amin na gode, Allah ya saka da alheri
ngd2   Na ji daɗi sosai, Allah ya bar zumunci
ngd3   Amin ya Allah, na gode da addu'a
```

In kika rubuta ngd1 jimlar za ta fito a layin da kibod yake kawo shawarar kalmomi, sai ki taɓa ta. Ki lura ki sa su ƙarƙashin All languages, don in kika sa a ƙarƙashin Hausa kuma kibod ɗinki yana kan Turanci ba za su fito ba. Sannan wannan hanyar gajeriyar jimla take so, dogon rubutu kilifbod ya fi masa. Ni don aikin kwana ɗaya irin naki kilifbod zan ce ki kama, ya fi saurin haɗawa

Ziza: Mu masu iPhone fa Yaya Sadiku

Sadiku mai gyaran waya:

```
Settings > General > Keyboard > Text Replacement > +
```

Phrase shi ne jimlar, Shortcut gajeren. Amma ku naku da kin rubuta gajeren kin danna sifes yake buɗewa da kansa, don haka kar ki zaɓi kalmar da kike amfani da ita kullum. In kika sa "amin" a matsayin gajeren, duk ranar da aka yi rasuwa kika rubuta amin a guruf sai godiyar bazde ta biyo baya. Ki sa masa lamba a ƙarshe kamar yadda na nuna. Masu Samsung kuma yana cikin saitin kibod ɗinsu da sunan Text shortcuts

Anti Rabi: Ina karantawa tun ɗazu. Sadiku Allah ya yi albarka, dabarar waya kam ka iya. Amma Maman Hanif kafin ki taɓa kibod ki fara ware mutanen tukuna, don ba kowa ne ake amsa wa da rubutu ba ko da rubutun ya kai zuma daɗi. Uwar mijinki, ƙannen mahaifinki, yayyen mijinki, malaminki na islamiyya, waɗannan in sun taya ki murna kira ake yi, in ba kati a yi musu bois a gaishe su yadda ya kamata a tambayi gida da jiki sannan a yi godiya. Kuma su da "ku" ake musu magana, "na gode da addu'arku Allah ya ƙara girma ya ja da kwana". Sannan abin da ya ce a kira mutum da sunansa, a yi hankali, suruka ba a kama sunanta, Hajiya ce ko Mama ko Umma yadda dai kika saba. Kar ki kwafo sunan da yake rubuce a kan WhatsApp ɗin mutum ki liƙa, wata 'yarta ce ta buɗe mata ta sa mata cikakken sunanta na yanka

Sadiku mai gyaran waya: Haka ne Anti Rabi, shi ya sa na ce yadda take kiransa a baki. Manya dai na bar miki su

Malam Nura: Ni dai asalin bikin zagayowar ranar haihuwar ma akwai maganar malamai a kansa, ba kowa ya yarda da shi ba, ya kamata a faɗa

Anti Rabi: Malam mun sani kuma an sha yin wannan muhawarar a nan ba a gama ba. Ita ba biki ta yi ba, mutane ne suka yi mata addu'a take neman yadda za ta amsa

Malam Nura: To shi kenan, wanda ya yi maka addu'a kam a mayar masa da alheri babu laifi. Abin da zan ƙara, masu son rubuta godiyar da Larabci su ma matsalar Habu tana nan. Jazakallahu khairan na namiji ne, mace jazakillahu khairan, jam'i jazakumullahu khairan. In guda ɗaya za a ajiye a kilifbod to a ajiye na jam'in, ana faɗa wa mutum ɗaya ma don girmamawa, ya rufe kowa

Maman Hanif: Madalla na gode Malam. To bari in kawo muku guda uku daga cikin waɗanda suke jira ku nuna min a aikace don kar in je in dagula.

Ɗaya wata kwastoma ce da take sayen turaren wuta a wajena, ta rubuta "HBD ma" da alamar kek shi kenan.

Na biyu ƙawata ce ta sakandare mun daɗe ba mu haɗu ba, ta turo tsohon hotonmu da yunifom ta rubuta doguwar addu'a har da cewa Allah ya kai ni Makka ya shirya min zuri'a, a ƙarshe ta ce yaushe zan zo Zariya.

Na uku ƙanin mijina ne ya sa hotona da yara a sitatus ɗinsa ya rubuta "Allah ya ƙara wa matar Yaya lafiya", bai turo min kai tsaye ba gani kawai na yi

Sadiku mai gyaran waya: Yauwa waɗannan ukun ma sun isa misali.

Kwastomar, ki ja saƙonta da yatsa zuwa dama don amsarki ta fito manne da nata, wannan jan kaɗai yana nuna nata kika buɗe kika amsa. Sai ki rubuta "Hajiya" ko yadda kike ce mata, ki taɓa jimla ɗaya daga kilifbod. Zai zama "Hajiya na ji daɗi sosai, Allah ya bar zumunci". Ba sai kin ƙara komai ba, harafi uku ta rubuta, layi ɗaya ya wadatar. Irinta su ne mafi yawa a cikin 180 ɗin nan, ina zaton za su haura 100, in kowanne ya ci miki sakan goma kin ga minti ashirin ya ishe su.

Ƙawarki kuma gida ukun nan duka za ki cika mata. Sunan da kuke kiranta a makaranta, sai jimlar ajiye, sai ki ɗauko abu ɗaya daga cikin saƙonta ki mayar mata. Kamar haka: "Kai Balaraba! Amin na gode, Allah ya saka da alheri. A ina kika tono hoton nan dan Allah? Makka kuma Allah ya kai mu tare, Zariya in sha Allahu bayan an yi hutun yara." Kin ga tsakiyan ne kawai na waya. Dokar ita ce duk wanda ya yi tambaya a amsa tambayar, duk wanda ya turo hoto a ambaci hoton, duk wanda ya ambaci wata addu'a ta musamman a ce amin a kanta da sunanta. Irin waɗannan minti ɗaya ɗaya za su ci, in su arba'in ne minti arba'in.

Ƙanin miji kuma na bar wa Anti Rabi

Anti Rabi: Shi ai abokin wasanki ne, ki amsa masa a kan sitatus ɗin in bai sauka ba, don awa 24 yake yi ya ɓace, tunda shekaranjiya ne na san ya sauka sai ki bi shi firabet. Ki ce na ga abin da ka sa na gode Allah ya ba ka mata tagari mu sha biki. Wannan da hannu za ki rubuta da "ka" ɗinsa da komai, ɗan gida ba a ba shi na ajiye. Kuma tunda kwana biyu sun wuce ki haɗa jimla ɗaya ta ban haƙuri a cikin na ajiyen, "a yi haƙuri da jinkirin amsa saƙonni ne suka yi yawa", ita ma ba mace ba namiji

Habu: Na Facebook fa a yi hankali. Wani abokina ya bi komen ɗin mutane yana liƙa musu jimla ɗaya da sauri da sauri, kafin ya gama Facebook ya dakatar da shi daga yin komen na wani lokaci wai yana sauri da yawa, ya ɗauke shi kamar mai sifam. Kuma ko ba a dakatar da kai ba, a can kowa yana ganin amsar da ka ba kowa, in iri ɗaya ce jere reras ai an gani

Sadiku mai gyaran waya: Wannan gaskiya ne yana faruwa. A Facebook ki yi fostin ɗaya na godiya ga kowa, ki bi komen ɗin ki danna musu alamar zuciya, sai ki amsa da rubutu ga waɗanda suka yi dogon rubutu kawai kina sauya jimlolin, kuma ki rarraba ba a zama ɗaya ba. Guruf ɗin WhatsApp ma haka, kar ki amsa wa mutum talatin ɗaya bayan ɗaya a cikin guruf ki cika wa mutane waya, saƙo ɗaya ya isa da "ku", wanda ya yi wani abu na daban ki danne saƙonsa ki zaɓi Reply privately

Ziza: To ni har yanzu ina ganin bois ɗaya mai daɗi ta yi ta dinga fowadin ɗinsa, murya ai ta fi rubutu shiga rai

Anti Rabi: Murya tana shiga rai ne in an kira ka a ciki Ziza. Bois ɗin da aka ce "jama'a na gode muku" kowa ya ji ya san na taro ne. A guruf ko sitatus ya yi kyau, a firabet a'a

Sadiku mai gyaran waya: Kuma fowadin mutum biyar biyar yake tafiya a lokaci ɗaya, ba wani saurin kirki. Gara ta yi wa mutum bois na sakan goma da sunansa

Fa'iza: Ni ban yarda da ku gaba ɗaya ba fa ku yi haƙuri. In na gano ƙawata jimlar ajiye ta liƙa min ta ɗora sunana a kai, to meye bambancinsa da na Habu in ba an fi iya ɓoyewa ba? Ni gara ki ɗau sati kina amsa min da hannunki ko da kalma uku ce

Anti Rabi: Fa'iza in kin je barka ko gaisuwa kika tarar da mata cike da ɗaki, mai gidan me take ce wa kowa? An gode Allah ya ba da lada Allah ya bar zumunci, shi take maimaitawa tun safe har yamma kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta nufin sa. Abin da ake dubawa ta ɗago ta gane ki ta tambayi yaranki. Kalmomin godiya dama can na kowa ne

Fa'iza: Na ji Anti amma ita da bakinta take faɗa kowane karo. Ni dai aminai na kusa ba zan yi musu ba, sauran jama'a na yarda

Maman Hanif: Fa'iza ke dai da hannu zan rubuta miki kar ki damu. Sadiku wata ta taɓa ce min WhatsApp Business yana da wannan abin a cikinsa, tunda ina 'yar sana'a ko in koma shi ne?

Sadiku mai gyaran waya: Yana da shi, Quick replies sunansa yana cikin Business tools, kina iya ajiye har guda 50, in kika rubuta alamar / a wajen rubutu sai su jero ki zaɓa. Yana ɗaukar dogon saƙo kuma zai yi miki amfani wajen farashin turare da lambar akawun. Amma shi ma ba ya sa sunan mutum da kansa, ke za ki sa. Kuma lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp biyun lokaci guda, sai dai ki yi bakof ki ƙaura gaba ɗaya, ni ba zan ce ki yi ƙaura yau da saƙo 180 suna jiranki ba, ki gama da su tukuna. Abin da zan hana ki shi ne GB WhatsApp da manhajojin nan masu cewa za su tura wa kowa da sunansa da kansu, ana rufe wa mutane lamba a kansu, kuma sunan da za su ɗauko shi ne wanda kika yi sebin, in "Maman Amira mai bashi" kika sa to haka zai tafi

Maman Hanif: To na sauke Gboard ɗin na yi Pin na jimla biyar har da ta ban haƙurin. Matsala ɗaya, waɗanda na riga na buɗe ban amsa ba sun cakuɗe da sauran ban san inda na tsaya ba

Sadiku mai gyaran waya: Ki fara danna Unread a saman jerin cat ɗinki, zai ware miki waɗanda ba ki buɗe ba ki gama da su. Waɗanda kika buɗe kuma ki gangara zuwa ranar bazden ki dinga hawowa sama, duk cat ɗin da layinsa na ƙarshe ba tik a gefensa to mutumin ne ya yi magana ta ƙarshe, ba ki amsa ba kenan. Wanda kika ga na kira ne ko na dogon rubutu ki danne shi ki yi masa Mark as unread ya jira ki zuwa dare. In kuma kin tura da kuskure ki danne saƙon ki zaɓi Edit, minti 15 yake bayarwa, bayan nan sai dai gogewa

Ummi: Ni fa wayata ƙarama ce WhatsApp ɗin ma da kyar yake buɗewa, Gboard ɗin zai zauna a kanta kuwa?

Sadiku mai gyaran waya: Wace iri ce Ummi, turo min sunanta da yawan sifes ɗin da ya rage miki in duba